Garin Kiriyatin Da Kumburin Ciki: Yawan Abin Da Ake Sha A Lokaci Guda Shi Ne Tushen Wahala

A 'yan shekarun nan samari masu ɗaga ƙarfe da 'yan ƙwallo sun rungumi wani farin gari da ake kira kiriyatin, wanda ake damawa da ruwa a sha domin ƙarin ƙarfin tsoka. Sai dai da yawa daga cikinsu ba su cika mako guda da farawa ba sai ciki ya ɗauki ƙugi, ya kumbura, wani ma har da zawo. Daga nan sai wani ya ce garin jabu ne, wani kuma ya ce jikinsa ne bai karɓe shi ba, ya jefar da gwangwanin da ya saya da tsada. Alhali kuwa galibi laifin yana ga yawan abin da aka zuba wa hanji a lokaci guda.

Shi kiriyatin ba baƙo ba ne a jikin mutum. Hanta da ƙoda suna haɗa kimanin giram 1 a kowace rana, mai cin nama da kifi kuma yana samun kusan wani giram ɗin daga abinci. Watau hanjin mutum ya saba da kaɗan-kaɗan. To, tsarin da ya yaɗu tun bayan binciken Harris da Hultman da abokiyar aikinsu a 1992 shi ne a fara da giram 20 kowace rana har kwana 5 zuwa 7 domin a cika tsoka da sauri, kana a koma giram 3 zuwa 5. Masu binciken kuwa ba su ce a kwankwaɗe shi gaba ɗaya ba. Giram biyar-biyar suka riƙa bayarwa, sau da yawa a yini. Wannan sharaɗi ne yake ɓacewa idan magana ta bi baki zuwa baki a gidajen motsa jiki.

Abin da ke faruwa a cikin ciki ba shi da wuyar ganewa. Hanji yana tsotse kiriyatin sosai idan bai yi yawa ba. Idan aka yi masa lodi, ragowar da bai tsotse ba tana zama a cikinsa, tana janyo ruwa daga jiki zuwa cikin hanjin, kamar yadda gishiri yake fitar da ruwa daga yankakkiyar albasa. Ruwan nan shi ne ƙugin da ake ji, shi ne murɗawar, shi ne kuma sakin bayan gida.

An gwada wannan a fili. A 2008 Ostojic da Ahmetovic suka buga sakamakon wani bincike a kan 'yan ƙwallon ƙafa waɗanda aka bai wa giram 10 a rana har kwana 28. Wasu sun sha shi a zama ɗaya, wasu kuwa an raba masu gida biyu, biyar da biyar. Cikin masu sha a zama ɗaya fiye da rabi sun yi ƙorafin zawo. Cikin waɗanda aka raba wa, ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Gari iri ɗaya, adadi ɗaya a yini, rabawa kawai ta bambanta su.

Bari mu ɗauki misalin saurayi mai nauyin kilo 70. Lissafin da aka saba yi na makon farko shi ne giram 0.3 ga kowane kilo, watau giram 21 ke nan a yini. Idan ya zuba cokali huɗu a rabin kofin ruwan sanyi da asuba, cikinsa babu komai, ya haɗa kurakurai uku a lokaci guda, kuma da wuya hantsi ya yi bai nemi makewayi ba. Gyaran farko shi ne ya raba shi huɗu: giram 5 da karin kumallo, 5 da abincin rana, 5 da la'asar tare da ɗan abin taɓawa, 5 da tuwon dare. Idan haka ma ta dame shi, sai ya bar batun makon lodi ɗungurungum. Hultman da abokan aikinsa sun nuna a 1996 cewa giram 3 a rana har kwana 28 yana kai tsoka matsayin da giram 20 ke kai ta a kwana 6. A ganinmu wannan hanya ta biyu ita ce ta fi dacewa da kusan kowa, domin wanda ba gasa ce ke jiransa mako mai zuwa ba, babu abin da gaggawa za ta ƙara masa sai zaryar bayan gida da saurin ƙarewar gwangwani.

Sai batun ruwa, wanda mutane suka fi rainawa. Kiriyatin ba ya narkewa da sauƙi kamar sukari. A ruwa mai matsakaicin sanyi, lita guda ba ta narkar da fiye da kimanin giram 14, ruwan firiji kuwa bai kai rabin haka ba. Saboda haka giram 5 yana bukatar babban kofi cike, kusan kashi biyu cikin uku na ledar fiya wata. Ruwa mai ɗumi ya fi narkar da shi. A dama har sai an daina ganin tsaki-tsaki a gindin kofi, a sha nan take, kada a ajiye damammen ya kwana, domin a hankali yana lalacewa cikin ruwa, balle ruwa mai tsami irin na lemo ko zoɓo. Haka kuma a yi hattara da awo: cokalin shayi na wani gida ba ɗaya yake da na wani ba, kuma wanda ke tula shi yana iya shan kusan ninkin abin da yake zato.

Ga mai azumi, lokutan rabawa biyu ne kawai. Giram 3 bayan an ci abincin buɗa-baki ya wadatar, ko a raba giram 5 tsakanin dare da sahur. Buɗe baki da shi kafin a ci komai neman wahala ne.

Akwai kuma wani abu da ake kira kumburi wanda ba na hanji ba ne. A makon lodi sikeli yakan nuna ƙarin kilo 1 zuwa 2, kuma mafi yawansa ruwa ne da kiriyatin ya ja tare da shi zuwa cikin tsoka. Wannan ba ya zuwa da murɗa ko tusa ko zawo, kuma ba kitse ba ne. Wanda ya bi hanyar giram 3 ba ya cika ganin wannan hauhawa farat ɗaya.

Wani lokaci kuma kiriyatin ɗin ba shi da laifi ko kaɗan. Samari sukan haɗa shi da garin furotin na madara, alhali manya da yawa a ƙasar nan cikinsu ba ya narkar da sukarin madara sosai. Wasu gaurayayyun garuruwan kuma suna ɗauke da kayan zaƙi irin su sobitol, wanda shi kansa yana sakin ciki. Hanyar ganewa ita ce a dakatar da komai na mako guda, sannan a dawo da zallan kiriyatin shi kaɗai, giram 3 tare da abinci. Idan ciki ya zauna lafiya, an san inda matsalar take. Wajen saye kuma a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, a guji wanda aka ƙulla a leda ba suna.

Idan an daina sha kwana biyu ko uku amma zawo bai tsaya ba, ko aka ga jini, ko zazzaɓi da amai suka biyo baya, to wannan ba aikin kiriyatin ba ne, asibiti za a nufa. Mai ciwon ƙoda kada ya fara sai da izinin likita. Wanda kuma za a yi wa gwajin ƙoda ya gaya wa likita cewa yana sha, domin garin yakan ɗan ɗaga adadin kiriyatinin a jini, abin da ake dubawa ke nan a gwajin, ko da ƙodar lafiyarta lau.