Ƙamshin Yerwa: yadda ake jera turare a ɗaki kamar yadda ake jera kaya

A Maiduguri, ko an shimfiɗa kafet an rataya labule an jera kwalla da tangaran, ba a cewa an gama gyaran ɗakin amarya sai an turara shi. Haka abin yake a daren wushe-wushe na bikin Barebari, haka yake da safiyar Sallah kafin mutane su dawo daga Idi su nufi ƙofar Shehu kallon hawa. Baƙo kan riga ya yanke wa gida hukunci tun daga zaure, da hancinsa, kafin idonsa ya ga komai. Barebari suna kiran turaren wuta ka'aji, kuma su da Larabawan Shuwa ne suka riƙe wannan sana'a har sunan garin ya zama tambarin kaya: mai sayarwa a Kano ko Abuja, in tana so ta ƙara kuɗi, sai ta ce nata ɗan Maiduguri ne.

Abin da ya sa nasu ya fita daban ba yawan turare ba ne. Kowa yana iya zazzaga kwalba guda a ɗaki. Gwanintar ita ce hana ƙamshi gudu, a garin da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40.

Ƙamshi ƙananan ƙwayoyi ne da ke tashi daga jikin abu su shiga iska, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na ɓawon lemu marasa nauyi ne, shi ya sa in ka ɓare lemu ɗaki ke ɗauka nan take, amma kafin a jima ya wuce. Na kanumfari ya fi su daɗewa. Na itacen sandal kuwa nauyi gare shi, a hankali yake tashi, yana iya kwana da kwanaki a jikin zane. Zafi yana ƙara wa dukkansu sauri. Saboda haka mai haɗa turare a Yerwa tana fama da abu biyu masu karo da juna: tana buƙatar wuta don ƙamshin ya tashi ya cika ɗaki, tana kuma buƙatar abin da zai riƙe shi kada ya tashi gaba ɗaya.

Kayan haɗin suna nuna hanyoyin da Borno ta daɗe tana bi. Kajiji na gida ne, saiwar wata ciyawa ce mai fitowa a fadama, dangin aya, kuma yankin Tafkin Chadi ba ya rasa ta. Itatuwa irin su hawi da gabgab da dorot, wasu daga Chadi ake shigo da su ta hanyar Gamboru Ngala. Sandal na asali daga Indiya yake, kanumfari kuwa Zanzibar da Madagaska da Indunusiya ne manyan masu noma shi. Ita kanta humra, wato turaren ruwa mai kauri da ake jiƙawa a kwalba, 'yar'uwarta tana Sudan da suna kusan iri ɗaya, kuma ba abin mamaki ba ne, don ta nan alhazan ƙasa suka riƙa bi zuwa Makka suna dawowa shekaru aru-aru. Yau duk waɗannan kaya a Kasuwar Monde ake tarar da su, kasuwar da gobara ta cinye a watan Fabrairun 2023, sannan ambaliyar madatsar Alau ta shiga cikinta a Satumbar 2024. Ga mai sayar da itacen turare ruwa ba ya da sauƙi a kan wuta, domin itacen da ya jiƙa ya yi fumfuna ba ya komawa daidai ko an shanya shi.

Wanda ya fi ba baƙo mamaki cikin kayan shi ne farce. Ba farcen mutum ba ne, ba kuma na dabba ba: murfi ne da dodon koɗin teku ke rufe bakin gidansa da shi, ana samo shi daga gaɓar Bahar Maliya da tekunan da ke kusa. Ɗanyensa ƙarni yake yi, in ka jefa shi a wuta haka nan sai ka ji ƙaurin ƙonannen gashi. Sai an jiƙa shi, an kankare sauran naman da ke manne a bayansa ɗaya bayan ɗaya, an wanke an sake wankewa, an shanya, sannan a soya shi har ya yi ƙaras-ƙaras a daka. Bayan duk wannan wahala ma ba shi da wani daɗin ƙamshi na kansa. Aikinsa riƙo ne: yana ba haɗin nauyi, yana sa sauran turarukan su zauna. Humrar da ke wari bayan mako biyu, sau da yawa daga gyaran farce aka yi ha'inci.

Bari mu bi tukunya guda ta turaren wuta, irin wadda za a yi wa ɗakin amarya. Awo ya bambanta daga hannu zuwa hannu, kowace gwana da nata sirrin, amma ga misalin da zai nuna tsarin. A samu itace kilo ɗaya, a faskara shi ƙanana kamar tsawon gaɓar yatsa, a tabbata ya bushe sarai. A jiƙa shi da madarar turare a rufe ya kwana biyu ko uku, don man ya ratsa cikin itacen maimakon ya tsaya a baya. Ranar suya sai a ɗora sukari kamar rabin kilo da ɗan ruwa a wuta marar ƙarfi. Wasu kan matsa lemun tsami a ciki, kuma da dalili: tsamin yana hana sukarin komawa tsakuwa idan ya huce. Idan ya narke ya yi danƙo ya soma komawa ruwan zuma, a zuba itacen a yi ta juyawa har kowane guntu ya samu rufi. Daga nan a barbaɗa dakakken farce da kajiji da ɗan kanumfari. Turarukan ruwa masu tsada su ne na ƙarshe, bayan an sauke tukunya ta sha iska. Wadda ta zuba su a kan wuta ta turara unguwa ne da kuɗinta, abin da zai saura a itacen kaɗan ne. Sai a ɗura a kwalba mai murfi a ajiye inda rana ba ta kaiwa, makonni kafin biki, don turaren da aka haɗa jiya bai gama kama jikinsa ba.

Sukarin nan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan aka fi faɗuwa. Yana lulluɓe man da ke cikin itace ya hana shi tashi a kwalba, sannan a kan garwashi yana narkewa a hankali yana sakin ƙamshin kaɗan-kaɗan, ya kuma ƙara nasa ɗan zaƙin. Sukari kan soma canja launi a wajen digiri 160, kuma tsakanin ruwan zuma da baƙi tazarar 'yan mintoci ce. In ya wuce, turaren zai yi ɗaci, hayaƙinsa ya riƙa shiga ido. In bai kai ba, sai ya yi ruwa a gindin kwalba, tururuwa su yi layi. In kuma an cika shi, wanda masu neman nauyin awo ke yi, za ka ga yana tafasa a kan wuta yana kashe garwashin, ɗaki ya ɗauki warin ƙonanniyar alawa.

Mai saye yana da hanyar ganewa tun a kasuwa. Ka tsaga guntu ɗaya ka shinshina cikinsa. Sandal na gaske ƙamshinsa har ciki ne, don a zuciyar itacen man yake taruwa, kuma bishiyar kan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta tara abin kirki, shi ya sa yake da tsada. Na jabu farin itace ne da aka shafe da mai, bayansa ƙamshi, cikinsa fayau.

To ina busassun 'ya'yan itace da wasu ke ƙamsasa ɗaki da su? A Turai, lokacin Kirsimeti, suna soke lemu da ƙwayoyin kanumfari su rataye, ko su cika kwano da busassun yankan lemu da kirfa su ajiye a tebur, ido ya gani hanci ya ji. A ganina wanda ya kwaikwayi wannan a Maiduguri yana tsammanin zai riƙe falo, zai sha kunya, domin ɗakinsu rufe yake da sanyi, namu kuwa zafi da fanka za su kwashe ƙamshin lemun cikin ɗan lokaci. Inda ɓawon lemu ke da amfani a nan shi ne cikin haɗi. A fere bayansa kawai, a bar farin da ke ciki don ba ya da mai, a shanya a inuwa lokacin hunturu har ya riƙa karyewa, a daka da kanumfari a rufe. Ana barbaɗa ɗan kaɗan a kasko daf da shigowar baƙi, shi ne zai fara tarbar su, sannan sandal da kajiji su ci gaba. Wanda aka shanya da damina kan yi fumfuna kafin ya bushe.

Turara ɗakin ma da tsarinsa. Ana fara shara da goge-goge, don turare ba ya korar warin danshi, haɗuwa yake yi da shi. Garwashi kuma ba mai ci bal-bal ake so ba, sai wanda ya yi ja toka ta soma rufe shi. Da yawa kan ƙara ɗan toka a kai kafin su ɗora turaren, saboda a dafa shi ake so ba a ƙona shi ba. Hayaƙi fari siriri alama ce ta daidai. In ya yi kauri ya soma duhu, wuta ta yi yawa, kuma da ƙamshi ya juya zuwa ƙauri sai a cire guntun da ya ƙone kafin ya ɓata aikin baya. Bango da tayil ba sa riƙe ƙamshi, yadi ne ke riƙewa. Shi ya sa ake kai kasko gindin labule, ake kifa kabbasa a kansa a lulluɓa zannuwan gado da rigunan matashi har hayaƙi ya ratsa su. Idan an gama sai a ɗiga humra a gefen labule da ƙasan matashi, ta ɓoyayyen wuri, don man da ke cikinta yana barin tabo a farin yadi.

Akwai iyaka da masu son abin ba su cika son a faɗa ba. Ko da sandal ɗin Indiya ne, hayaƙi hayaƙi ne, yana tayar wa mai asma ciwo, yana kuma damun jariri, ga shi ɗakin mai jego na cikin ɗakunan da aka fi turarawa. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, alamarta ta farko ciwon kai da jiri. Don haka a turara ɗakin babu kowa a ciki, a rufe kamar minti ashirin, a fitar da kasko, a buɗe taga hayaƙin ya fita kafin a shigo da mutane. Ba a asarar komai, tunda abin da ake so ya riga ya zauna a labule da shimfiɗa. Kasko na lantarki da ya yawaita yanzu ya kawar da matsalar gawayi, sai dai wanda ba a iya rage zafinsa yakan ƙona sukarin da wuri, kuma ranar Sallah ba kowace unguwa ke da tabbacin wuta ba, shi ya sa har gobe ake ajiye gawayi a gefe.