Tukunyar Kashe Gobara da Dokar Iskar Gas

Ɗaliban kimiyya sun san dokar PV = nRT, wadda ta haɗa matsi (P), girman mazubi (V), yawan gas (n) da zafi (T). An gina dokar bisa zato biyu: cewa ƙwayoyin gas ba sa jan juna, kuma ba su da wani girma nasu. Don gane inda gas na zahiri ya saɓa wa wannan zato, masana suna amfani da ma'aunin matsuwa, wato Z = PV/nRT. In Z ya zama 1, gas ya bi doka sau da ƙafa.

A ɗauki misalin tukunyar kashe gobara mai lita 3, wadda aka ɗura wa kilo 2 na CO₂, wato mol 45.5. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yakan kai digiri 40, wato 313 K. Bisa dokar, matsin cikin tukunyar zai kai 390 atm. Amma abin da ake samu a zahiri bai wuce wajen 105 atm ba. In an raba 105 da 390, Z ya zama 0.27 ke nan.

Dalili kuwa shi ne, matsi ya cunkusa ƙwayoyin har sun kusanci juna, sai kowace ta riƙa jan maƙwabciyarta. Ƙwayar da ta nufi bangon tukunya 'yan'uwanta sukan ja ta baya, don haka bugun da take yi wa bangon ya ragu.

Sanyi kuma ƙara wa wannan jan ƙarfi yake yi, domin ƙwayoyin sun rage gudu, ba sa iya kuɓuce wa juna. Da asubahin hunturu a Argungu, in zafi ya sauka zuwa digiri 15, dokar ta ce matsin zai koma 359 atm. A zahiri kuwa yakan faɗi zuwa 50 atm, saboda yawancin gas ɗin ya zama ruwa. Thomas Andrews ne ya nuna a 1869 cewa matsi ba ya mai da CO₂ ruwa sai zafinsa ya gaza digiri 31.

In matsi ya tsananta ƙwarai, al'amarin yakan juya. Ƙwayoyin da kansu sun cinye fili, sun ƙi matsuwa, sai Z ya haura 1. Iskar naitirojin a 1,000 atm tana da Z kusan 2. Waɗannan dalilai biyu ne van der Waals ya sa cikin gyaran da ya yi wa dokar a 1873.

Saboda haka ba a gane ragowar CO₂ a tukunya ta hanyar auna matsi, domin muddin akwai ruwa a ciki, matsin zafi yake bi, ba yawa ba. Ɗora ta ake yi a kan sikeli. Haka kuma ba a barin ta cikin rana, tun da ƙarin digiri 25 kacal ya ninka matsinta.