Ido a buɗe, goggon biri ya wuce ba a gani ba

A gidan biki, makaɗa na kiɗa, mata na guɗa, yara na guje-guje, amma mutum yana iya tsayawa da abokinsa su yi hira, ya ji duk abin da ake faɗa masa. Sauran muryoyin suna shiga kunnensa, wasu ma sun fi ta abokin ƙarfi, sai dai hankalinsa ya zaɓi guda ya bi. Wani masani ɗan Birtaniya, Colin Cherry, shi ya fara bincikar wannan al'amari da gwaji a 1953, ya kira shi matsalar taron liyafa. Tambayarsa ita ce: muryoyin da aka yi watsi da su, me mutum yake tsinta daga cikinsu?

Ya sa wa mutane abin sauraro a kunnuwa biyu. Kunnen dama yana jin wani jawabi, na hagu yana jin wani daban, a lokaci guda. Aka ce kowa ya riƙa maimaita na kunne ɗaya da baki, kalma bayan kalma, yana ji yana faɗa. Aikin yana da wuya, ba ya barin hankali ya leƙa wani wuri. Da aka gama sai a tambaye su me suka ji a ɗaya kunnen. Sun san dai murya ce ta ɗan Adam. In muryar namiji ta koma ta mace, sun lura. Amma abin da ake cewa, ko kalma ɗaya ba su iya kawowa. Har an sauya harshen daga Ingilishi zuwa Jamusanci, ba su farga ba.

Wannan ya sa Donald Broadbent ya kawo bayani a 1958 cewa ƙwaƙwalwa tana tace sauti tun daga bakin ƙofa, ta duba kamanninsa kawai, wato daga wane ɓangare ya fito, kauri ne ko siriri, ta bar guda ya shiga, sauran kuwa ba a ko duba ma'anarsu. Shekara ɗaya bayan haka Neville Moray ya gano inda bayanin ya gaza. Ya maimaita jerin kalmomi sau 35 a kunnen da ba a saurara, mutane ba su tuna su ba. Amma da ya saka sunan mai sauraron, kusan mutum ɗaya cikin uku ya ji. In da ƙofar a rufe take ruf, ta yaya ƙwaƙwalwa ta san sunan mai ita ne? Anne Treisman ta ba da amsar da ta fi gamsarwa: ba a kashe sauran muryoyin ba, rage su aka yi, kamar rediyon da aka sassauta. Kalma mai nauyi a wurin mutum, irin sunansa, tana iya kutsowa ko da a hankali aka faɗe ta. Sai dai a lura da ɗaya gefen lissafin, wanda masu ba da labarin kan manta: biyu cikin uku an kira sunansu a cikin kunnensu, ba su ji ba.

Ido ma haka yake, kuma nasa ya fi ba da tsoro, domin mun fi amincewa da shi. A 1999 Daniel Simons da Christopher Chabris, a jami'ar Harvard, suka ɗauki wani gajeren bidiyo. Mutum shida ne, uku da fararen riguna, uku da baƙaƙe, kowane rukuni yana jefa wa juna ƙwallon kwando suna zagayawa. Aka ce wa masu kallo su ƙirga sau nawa rukuni ɗaya ya miƙa ƙwallo. Ana cikin wasan sai wata mata sanye da kayan goggon biri, baƙi wuluk daga kai har ƙafa, ta ratsa tsakiyar 'yan wasan. A wani nau'in bidiyon har ta tsaya, ta fuskanci kyamara, ta bugi ƙirji, ta yi kusan daƙiƙa tara kafin ta fice. Kusan rabin masu kallo ba su gan ta ba. Da aka sake nuna musu, wasu suka ce ai an sauya bidiyon.

Akwai wani ɓangare na gwajin da ya fi bayyana dalili. Waɗanda aka sa su ƙirga jifan masu baƙaƙen riguna sun fi ganin birin nesa ba kusa ba. Masu bin fararen riguna kuwa sun riga sun umarci hankalinsu ya zubar da duk wani abu baƙi mai motsi, birin kuma baƙi ne, sai ya bi sahun abin da aka zubar. Ke nan abin da mutum yake nema shi ke yanke abin da zai gani. Daga baya an maimaita gwajin da na'urar da ke bin motsin ƙwayar ido, aka tarar cewa waɗanda ba su ga birin ba, idonsu ya sauka a kansa na kusan daƙiƙa guda, daidai da waɗanda suka gan shi. Masana suna kiran wannan makantar rashin lura, sunan da Arien Mack da Irvin Rock suka raɗa, suka kuma sa wa littafinsu na 1998.

Wani zai ce ai waɗannan ɗalibai ne da wasan ƙwallo, ƙwararre a bakin aikinsa ba zai yi haka ba. A 2013 Trafton Drew da abokan aikinsa a Boston suka gwada likitoci 24 masu karanta hoton cikin jiki. Aka ba su hotunan huhu, irin waɗanda na'ura ke ɗauka yanki-yanki, aka ce su nemo ƙananan ƙulluttukan da kan nuna ciwon daji. A cikin hotunan majinyaci na ƙarshe an liƙa hoton goggon biri wanda ya ninka matsakaicin ƙullutu sau 48. Likitoci 20 ba su gan shi ba, alhali yawancinsu idonsu ya bi ta daidai wurin. Ba na ganin wannan a matsayin sakaci. Suna neman ƙananan abubuwa farare masu zagaye, kuma wannan tattara hankalin ne ya sa suke samo abin da ni da kai ba za mu taɓa gani ba. Kuɗin da suka biya shi ne birin.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin alama. Mai ciwon ido ya san ganinsa ya ragu, amma wanda hankalinsa ya tsallake abu ba ya jin wani giɓi, gani yake ya kalli komai. Shi ya sa direban da ya buge mai babur a mahaɗar hanya zai rantse ya duba bai ga kowa ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa: mota yake dubawa. Binciken David Strayer a jami'ar Utah ya nuna cewa direbobin da ke hira a waya, ko da ba su riƙe ta a hannu ba, ba su cika tuna allunan gefen hanya da idonsu ya sauka a kai ba. Saka abin sauraro a kunne yana 'yantar da hannu ne kawai, hankali yana can wurin hirar.

Sanin labarin ma ba rigakafi ba ne. A 2010 Simons ya sake yin bidiyon, ya nuna wa mutanen da suka riga suka san biri zai fito. Sun gan shi kuwa. Amma suna jiran birin, labulen da ke bayan 'yan wasan ya sauya launi daga ja zuwa ruwan zinare, ɗaya daga cikin masu baƙaƙen riguna kuma ya fice daga fili, yawancinsu ba su lura ba.