Inda Wayarka Take Ɓata a Kasuwar Intanet

A ce Hajiya tana neman wayar hannu a Jiji. Ba za ta zauna tana duba tallace-tallace dubbai ba. Za ta shiga rukunin wayoyi, ta zaɓi Kano, ta danna Samsung, ta ce mai ƙwaƙwalwar ajiya 128, wadda aka yi amfani da ita. Nan take duk tallan da bai dace da waɗannan zaɓuɓɓuka ba zai ɓace mata.

A nan masu sayarwa da yawa suke tafka asara. Matatar binciken nan ba ta karanta dogon bayanin da ka zuba a ƙasan hoto. Abin da ka cike a guraben da aka tanada take dubawa. Idan ka bar gurbin ajiya fayau, ko da ka rubuta 128 a bayani, Hajiya ba za ta gan ka ba.

Kuskuren rukuni ya fi wannan muni. Wanda ya jefa waya cikin rukunin kayan haɗin waya, tsakanin caja da murfi, ba za a ma nuna masa guraben da suka shafi waya ba, domin kowane rukuni da irin tambayoyinsa. Wasu kuma sukan zaɓi "sabuwa" alhali ta hannu ce, wai don a fi ganinsu. Masu neman sabuwa za su zo su juya, masu neman ta hannun kuwa an riga an ɓoye musu ita.

Gwajin ba wuya. Bayan tallanka ya fito, shiga kamar mai saye, ka tace da siffofin wayarka ɗaya bayan ɗaya. Gurbin da ka danna tallan ya ɓace, shi ne za ka koma ka gyara.