Talla ce ta kawo cinikin, ko da ma zai zo?

Ciniki ya ƙaru bayan talla, amma azumi ko kaka ma kan ƙara shi. Hanyar tantancewa ita ce a ware garuruwan da cinikinsu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, a yi ƙuri'a, a saki talla a rabi, a hana sauran.

A ce kowane rukuni na sayar da katan 1,000 na sabulu a wata. Bayan mako huɗu, masu talla sun sayar da 1,300, marasa talla 1,200. To, katan 100 kaɗai tallar ta jawo, ba 300 ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne rediyo, domin ba ya sanin iyaka. In tallar ta tsallaka garuruwan da aka hana, tazarar za ta ragu, a raina aikinta.