Ƙyas ɗin Da Na'urar Gaiga Ba Ta Ji

Bututu ne na ƙarfe cike da iskar gas, da siririyar waya a tsakiyarsa mai ɗauke da lantarki kamar bolt 400 zuwa 900. Wannan ita ce na'urar da Hans Geiger da Walther Müller suka ƙera a Jamus a 1928. Da zarar burbushin radiyeshan ya ratsa gas ɗin, sai ya fizge ilektaron daga jikin atam. Su kuwa su ruga wajen wayar, suna fizgo wasu a hanya, har lasifika ta ce ƙyas!

Sai dai bayan kowane ƙyas bututun kan kurumce na kamar mikirosakan 100, wato kashi 1 cikin 10,000 na daƙiƙa, kafin gas ɗin ya farfaɗo. Duk abin da ya shigo a wannan tsakani, ya wuce ke nan.

A ce na'urar ta ƙirga 1,000 cikin daƙiƙa ɗaya. Kurumtarta ta cinye kashi 1 cikin 10 na daƙiƙar ke nan, sauraronta 0.9 ne kacal. A raba 1,000 da 0.9, a sami kusan 1,111.

Abin tsoron shi ne radiyeshan mai tsananin yawa: wani bututun kan ƙi farfaɗowa sam, allurar ta koma kusa da sifiri a wurin da ya fi ko'ina haɗari.