Ko ka sani? Muryar malam ba ta kai nauyin hotonsa ba

Ko ka san cewa bidiyon karatu abu biyu ne a cikin buhu ɗaya? Fayil ɗin da sunansa ya ƙare da .mp4 mazubi ne kawai. A cikinsa hoto yana gefensa, sauti yana gefensa, waya ce ke jera su tare lokacin kallo. Hoton shi ne mai cin wuri. Murya kuwa sau da yawa kason da take ci bai taka kara ya karya ba.

Na ga haka ƙiri-ƙiri a gidanmu na Malali, wajen wani ƙanena ɗalibi da waya ta cika masa da bidiyon lacca guda 12. Kowanne awa ɗaya da rabi ne, nauyinsa wajen megabayit 720, jimilla sama da gigabayit 8. Ga shi ba kallo yake yi ba. A aljihu yake sa wayar, yana sauraro cikin Keke Napep, allon yana kunne yana shanye caji a banza.

Na ɗauko kwamfuta da manhajar ffmpeg, wadda Fabrice Bellard ya fara a 2000, kuma kyauta ce. Abu na farko shi ne leƙa cikin buhun:

```
ffmpeg -i lacca.mp4
```

Layin da ke ɗauke da Audio ya nuna aac da 128 kb/s, wato kilobit 128 a kowace daƙiƙa. Lissafin da ya kamata ka riƙe ke nan: ninka wannan adadi da 0.45, ka sami megabayit na awa ɗaya. Saboda haka 128 ya ba da kusan 58 a awa, laccar awa ɗaya da rabi kuma 86. Cikin 720 ke nan, saura duk hoton malam ne tsaye gaban allo.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce zare muryar yadda take:

```
ffmpeg -i lacca.mp4 -vn -c:a copy lacca.m4a
```

Kalmar -vn na cewa a bar hoto, copy kuma na cewa kada a taɓa sautin. Kafin ka ajiye kofin shayi an gama, kuma ba abin da ya ragu daga ingancin muryar. Kowace wayar Andiroid za ta kunna shi.

Amma ƙanen nawa yana so ya riƙa ji a ƙaramar rediyon nan mai cin memori ta mahaifiyarmu, wadda take jin tafsirin Masallacin Sultan Bello da ita. Irin waɗannan rediyo, da na motoci da yawa, MP3 kaɗai suka sani. Ka sa musu .m4a su tsallake shi kamar babu. Dole sai hanya ta biyu, a sake matse sautin:

```
ffmpeg -i lacca.mp4 -vn -ac 1 -b:a 48k lacca.mp3
```

A nan -ac 1 ya haɗe kunnen dama da na hagu suka zama ɗaya, tunda baki ɗaya ne ke magana. Shi kuma 48k ya ishi muryar mutum, ko da yake waƙa za ta sha wuya a kansa. Kowace lacca ta dawo megabayit 32, duka 12 ɗin ba su kai 400 ba. Mun gwada 32k don ƙarin sauƙi, sai "s" da "sh" na malam suka fara ɓurɓura, kamar mai magana ta cikin ruwa. Da ka ji haka ka san ka matse ya wuce kima, ka koma kan bidiyon asali ka sake, kada ka gyara daga wanda ya riga ya lalace.

Kuskuren da na fi gani shi ne zaɓen 320k da zaton murya za ta fi fita. Abin da aka ɗauka a 128 ba zai ƙaru ba, fayil ne kawai zai kumbura zuwa megabayit 216. Wasu kuma sunan suke canzawa daga .mp4 zuwa .mp3 su ce sun gama. Sauya wa buhu rubutu ba ya rage masa nauyi, ka duba za ka ga 720 ɗin nan daram, rediyo kuma ta ƙi shi.

Abu ɗaya ne muka gano a makare. Laccoci uku na lissafi ne, malamin yana ta cewa "ka ɗauko wannan ka kai nan". A kunne kaɗai, wannan da nan ba su da ma'ana. Waɗannan ukun ya bar su a bidiyonsu, sauran tara suka koma memorin rediyon mahaifiyarmu.